Yadda ake rubuta kalaman ƙasan hoton iyali ranar Sallah

An sauko daga Idi, an taru a tsakar gida, an yi hoto tun yara ba su ɓata sababbin kaya da miyar taushe ba. Abin da ya rage shi ne 'yan kalmomin da za a saka a ƙasan hoton kafin a ɗora shi, kuma a nan mutane da yawa ke tsayawa. Wani ya kwafo dogon saƙon da ya zagaye kowane guruf tun jajibirin Sallah, wani ya jera imoji goma ya bar shi haka, wani kuma ya ɗauko aya ya manna ba tare da ya duba ma'anarta ba.

Rubutun ƙasan hoto gaisuwar Sallah ce, ba wani abu daban ba. Don haka ma'auninsa ɗaya ne: abin da za ka iya durƙusawa ka faɗa a gaban babbar gidan da ke cikin hoton ba tare da ka ji nauyi ba, shi ne ya dace ka rubuta. Abin da ba za ka iya faɗa mata ba, kada ka rubuta shi ga mutane ɗari biyar.

Ka fara da kallon hoton, ba da neman kalmomi ba

Kafin ka taɓa madannai, buɗe hoton ka ƙare masa kallo, ka amsa wa kanka tambaya uku. Wace Sallah ce? Wane ne babba a cikin hoton? Wane ne ya kamata a ce yana ciki amma babu shi?

Tambayar farko tana da sauƙi, amma a kanta ake yawan yin tuntuɓe. Ƙaramar Sallah, ranar 1 ga Shawwal, tana zuwa ne bayan azumi, don haka addu'arta tana komawa ga azumi, tsayuwar dare, karatun Alƙur'ani da zakkar fidda kai. Babbar Sallah, ranar 10 ga Zulhijja, addu'arta tana komawa ga layya da alhazan da ke ƙasa mai tsarki. Wanda ya kwafo saƙon bara bai duba ba, sai ka ga ya rubuta "Allah ya karɓi azuminmu na Ramadan" a ƙasan hoton da rago ke ɗaure a bayan mutane.

Tambaya ta biyu ita ce ke tsara maka wanda za a fara ambata. Ta uku kuwa ita ce ke gaya maka yanayin muryar da za ka yi magana da ita: gidan da ya yi rashi a cikin shekarar ba a yi masa irin rubutun gidan da aka yi wa haihuwa.

Sai izini, kuma shi ma kafin rubutu yake zuwa. Yarda a ɗauki mutum hoto daban, yarda a ɗora shi daban. Akwai matar yaya da ba ta son fuskarta ta fita waje, akwai dattijon da ke bin fahimtar malaman da ke ƙin hoto, ya tsaya ne kawai don kada ya ɓata wa 'ya'yansa rai. Tambaya ɗaya ta wadatar: "Hajiya, in saka a waya mutane su gani, ko mu bar shi a gida?" In an ce a'a, a tura shi guruf na dangi kaɗai, ko a sake ɗaukar wani da waɗanda suka yarda.

Gaɓoɓi uku na rubutun

Rubutun da ya yi kyau yawanci gaɓa uku ne: gaisuwa, sai abu ɗaya na gaskiya game da wannan hoton, sai addu'a. Jimla biyu zuwa huɗu, kalmomi kamar ashirin zuwa arba'in. Instagram yana ba da damar haruffa 2,200, amma layi ɗaya ko biyu na farko kaɗai ake gani kafin a yanke sauran. A sitatus na WhatsApp kuma dogon rubutu yana hawa kan hoton ya rufe ƙafafun mutane da yaran da ke zaune a gaba. Saboda haka gaisuwar ta zo a farko, inda kowa zai gan ta ko bai buɗe sauran ba.

Gaisuwa ba ta buƙatar ƙirƙira. "Barka da Sallah" ta isa, kuma ita ce kunnen Bahaushe ya saba da ita. In kana son ta Larabci, wadda aka ruwaito daga sahabbai ita ce "Taƙabbalallahu minna wa minkum", wato Allah ya karɓa daga gare mu da ku. Jubairu ɗan Nufairu ya ruwaito cewa sahabban Manzon Allah (SAW) in sun haɗu ranar Idi haka suke ce wa juna, kuma Ibnu Hajar ya ce isnadin ruwayar mai kyau ne. "Idi Mubarak" da "Kullu amin wa antum bi khair" gaisuwa ce ta al'ada, babu laifi a cikinsu, sai dai kada a rubuta cewa hadisi ne. Ka zaɓi ɗaya, ko biyu in ɗaya Hausa ce ɗaya Larabci. Jera huɗu a layi ɗaya yana cinye wurin da ya kamata maganarka ta zauna.

Gaɓa ta biyu ita ce ran rubutun, kuma ita ce ba a iya kwafowa daga wurin kowa. Ana neman abu guda da ya shafi wannan gidan a wannan shekarar. Jikoki sun cika a gaban kakarsu. Auta ya kai azumin Ramadan gaba ɗaya karon farko. Amarya ta yi Sallarta ta farko a cikin dangi. Yaya ya iso daga Legas da daddare, ya samu Idi. Tela ya cika alkawari, anko ya fito. Ga yadda za ka gane ka samo ta: in za a iya cire jimlar a manna ta a ƙasan hoton maƙwabcinku ta zauna daidai, to ba ka samo ba tukuna. "Iyali abin alfahari" ya dace da kowane hoto a duniya. "Bana Hajiya ta ga jikokinta duka a tabarma ɗaya" na gidanku ne kaɗai.

Abu ɗaya ake so, ba uku ba. In ka haɗa haihuwa da kammala karatu da sabon gida a rubutu ɗaya, gaisuwar Sallah ta koma sanarwar nasarori.

Gaɓa ta uku addu'a ce, kuma a nan akwai abin da ya kamata a tsaya a kai. Mutanen da za su ga hoton ba duka ne ke cikin halin da kuke ciki ba. A cikinsu akwai maraya, akwai wadda ta shekara goma tana neman haihuwa, akwai wanda bai iya ɗinka wa 'ya'yansa ko yadi ɗaya ba, akwai soja ko ma'aikaciyar jinya da Sallah ta same su a bakin aiki. Addu'ar da ta tsaya a kan "mu" kaɗai tana barin waɗannan a waje. Ƙara rabin jimla yana shigo da su: "Allah ya maimaita mana, mu da ku", ko "Allah ya ba waɗanda ba su samu ba", ko "Allah ya haɗa kowa da nasa". Wannan rabin jimlar ita ce ke sa mai kallo ya ce amin da zuciya ɗaya.

Kada kuma a liƙa "in sha Allah" a ƙarshen addu'a. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa kada ɗayanku ya ce "Allah ka gafarta mini in ka so", sai dai ya yanke a cikin roƙonsa. "In sha Allah" wurinta shi ne abin da kake niyyar yi nan gaba: "Gobe in sha Allah muna hanyar gaida Gwaggo." Addu'a kuwa a rufe ta da "amin".

Misali guda daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka hoton Ƙaramar Sallah ne. Uwa tana zaune a kujera a tsakiya, 'ya'yanta huɗu a tsaye a baya da matan biyu daga cikinsu, jikoki a ƙasa, ɗaya jaririya ce a cinyar kakar. Mahaifin gidan ya rasu wata bakwai da suka wuce, uwar ta fita takaba. Babban ɗa yana aiki a wata ƙasa, bai samu zuwa ba. Ƙanwarsu ce za ta ɗora hoton.

Rubutun farko da ke zuwa hannu yawanci irin wannan ne: "Barka da Sallah daga babban gida! Mun fi kowa haɗuwa, maƙiya sai kallo. Alhamdulillah."

Laifinsa uku. Ya yi shiru a kan uban da ba ya nan, alhali duk wanda ya san gidan gurbinsa zai fara gani. Ya sako maƙiya a ranar da ake yafe wa juna, kuma habaici a ƙasan hoton iyali yana sa kowane ɗan uwa ya fara tunanin ko da shi ake. Sannan ya ajiye "Alhamdulillah" kusa da fariya, godiyar ta rasa nauyinta.

In aka gane haka, sau da yawa sai a zarce ɗaya gefen: "Sallah ba daɗi babu Baba. Rayuwa ta ƙare mana. Mun yi kuka har mun gaji." Baƙin cikin gaskiya ne, kuma ba wanda zai hana ɗa kewar ubansa. Amma "rayuwa ta ƙare mana" magana ce da ta yi kusa da rashin karɓar ƙaddara, kuma uwar da ke cikin hoton, wadda ta daure ta sa sabon kaya saboda jikoki, in aka karanta mata wannan sai a fama mata ciwo. Ga kuma jaririyar da aka manta da ita gaba ɗaya.

Yanzu a bi gaɓoɓin. Gaisuwa: "Barkanmu da Sallah." Abu ɗaya na gaskiya: Sallah ce ta farko babu Baba. An ce abu ɗaya ake so, amma a nan jaririyar za ta iya shiga, domin ita da rashin suna cikin zance guda: Allah ya karɓa, Allah ya bayar. Sai addu'a: ga mamaci, ga uwa, ga wanda ke nesa, ga masu karatu. Abin da zai fito:

"Barkanmu da Sallah. Bana ce Sallarmu ta farko babu Baba, kuma ta farko da 'yar baƙuwarmu a cinyar Hajiya. Allah ya jiƙansa da dukkan magabatanmu, ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya dawo mana da Yaya lafiya. Taƙabbalallahu minna wa minkum."

Kalmomi kusan arba'in ne. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma duk ɗan gidan ya ga kansa. Duba "da dukkan magabatanmu": waɗannan kalmomi uku sun shigo da duk wanda ya rasa nasa. An sa mamaci kafin masu rai, uwa kafin ɗa. Ba a faɗi ƙasar da Yaya yake ba, domin ba kowa ne ya kamata ya sani ba.

Da a ce uwar tana cikin takaba, wato ba ta cika wata huɗu da kwana goma ba, lissafin ya canza. Mai takaba ba ta kwalliya, kuma mafi yawan gidaje ba za su so hotonta ya fita ba. Sai a ɗora na yara kaɗai, a rage rubutun: "Barka da Sallah. Muna roƙon addu'arku ga mahaifinmu. Allah ya karɓi ibadunmu da naku."

Wa ake ambata, da wane suna

Alkunya ba ta ƙarewa don an koma waya. Uba Baba ne ko Abba ko Alhaji ko Malam, uwa Inna ce ko Umma ko Mama ko Hajiya, duk wanda aka saba kira a gidan. Ƙanen uba Baffa, ɗan uwan uwa Kawu, 'yar uwar uba Gwaggo. Matar aure da ba ta kiran sunan mijinta a gida ba ta da dalilin rubuta shi a ƙasan hoto: "Maigida" ko "Abban yara" ya wadatar. Haka surukai. A gidajen da uwa ke kunyar ɗan fari, kada 'yar uwa ta rubuta "Mama da ɗanta abin ƙaunarta" ta jefa ta cikin jin nauyi a gaban dangi.

Gidan da ke da mace fiye da ɗaya yana buƙatar kulawa ta musamman, domin rubutu na iya tayar da abin da aka shekara ana lallaɓawa. Ƙa'idar ita ce a ambaci kowa ko kada a ambaci kowa. "Baba da iyayenmu mata, Allah ya ƙara haɗa kanmu" ya ɗauke kowa. In za a jera, uwargida ce farko, a bi tsarin shigowa. Magidancin da ya yi hoto da matansa biyu ya rubuta yabon ɗaya, ya san abin da zai tarar da daddare. Haka 'yan uba: "ni da 'yan uwana" ya fi "ni da 'yan ɗakinmu" in akwai waɗanda ba ɗakinku ɗaya ba a cikin hoton, ko a wajensa suna kallo.

Inda raha ke da wuri shi ne tsakanin kaka da jika, da tsakanin taubasai, domin al'ada ta riga ta ba da wannan damar. "Hajiya da angwayenta, kowa na jiran goron Sallah. Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana" rubutu ne mai daɗi a ƙasan hoton kaka da jikokinta maza, kuma ba wanda zai ga rashin ladabi a ciki. Irin wannan wasan ba a yin sa da uba, ba a yi da suruki.

Yara ƙanana kuwa, a bar cikakken sunansu. "Auta", "'yan biyunmu", "amaryar Kaka" sun isa.

In za a saka aya

Ba dole ba ne. Rubutun da ke da gaisuwa da addu'a ya riga ya dace da addini. Amma in ana so, a ɗauki aya ɗaya, gajera, wadda ma'anarta ta hau kan ranar ko kan iyali, a rubuta fassararta da Hausa tare da sura da lamba don mai so ya duba.

Ga Ƙaramar Sallah, ƙarshen aya ta 185 a Suratul Baƙara ita ce ta ranar kanta: domin ku cika adadin, ku girmama Allah a kan shiriyar da ya yi muku, ko kwa gode. Ga Babbar Sallah akwai aya ta 37 a Suratul Hajji, cewa naman layya da jininta ba sa isa ga Allah, taƙawarku ce ke isa gare shi. Wannan ayar tana da wani amfani na daban: tana sanyaya zuciyar wanda bai samu ikon yanka ba. Ga hoton ma'aurata da 'ya'yansu, addu'ar da ke Suratul Furƙan aya ta 74, "Rabbana hab lana min azwajina wa zurriyyatina ƙurrata a'ayun", roƙon Allah ya sa mata da zuriya su zama sanyin ido. Ga hoto da iyaye, Suratul Isra'i aya ta 24, "Rabbirhamhuma kama rabbayani sagira", kuma ana yin ta ga iyaye rayayyu da matattu.

Akwai wadda ake yawan sakawa ba a wurinta ba: "Haza min fadli Rabbi", wannan daga falalar Ubangijina ne. Maganar Annabi Sulaimanu ce a Suratun Namli aya ta 40, kuma ba a nan ta tsaya ba, ta ci gaba da cewa domin ya jarraba ni, zan gode ne ko zan butulce. In aka yanke rabin farko aka manna a ƙasan hoton da aka jingina da sabuwar mota, an mai da maganar tsoron Allah ta zama tallar dukiya.

In za ka rubuta da haruffan Larabci, kwafo ayar daga manhajar Alƙur'ani amintacciya, kada ka buga ta da ka. Wasali ɗaya na iya juya ma'ana. In ba ka iya karanta abin da ka manna ba, fassarar Hausa kaɗai ta fi maka aminci. Ayar ta zauna a ƙasan hoto, kada a rubuta ta a kan jikin mutane ko kusa da takalmansu. Kuma kada a haɗa ta da kiɗa: yanzu da ake iya ɗora waƙa a kan sitatus, sai ka ga aya a ƙasa, ganga na tashi a sama. A zaɓi ɗaya.

Hadisi kuwa, in ba ka san littafin da ya fito ba, bar shi. Saƙonnin nan masu cewa duk wanda ya fara yi wa wani albishir da shigowar wata kaza wuta ta haramta gare shi ba su da asali, kuma jingina wa Annabi (SAW) abin da bai faɗa ba babban zunubi ne, ko da niyyar alheri aka yi.

Ma sha Allah da kambun baka

Hadisi ya tabbata cewa kambun baka gaskiya ne, kuma abin da Annabi (SAW) ya koyar ga wanda ya ga abin da ya burge shi a jikin ɗan uwansa shi ne ya yi masa addu'ar albarka. Saboda haka "Ma sha Allah" ko "Allah ya yi albarka" a ƙasan hoton yara abu ne mai kyau, yana kuma tuna wa masu sharhi su faɗi haka. Sau ɗaya ya isa. Abin da bai dace ba shi ne a juya shi ya zama zargi, kamar "Ma sha Allah, bakin mahassada ya faɗa kansu". Wanda tsoron baki ya dame shi ƙwarai, maganinsa ya taƙaita masu gani. A WhatsApp, a saitin sirrin sitatus, akwai `My contacts except...` da `Only share with...`, sai ka ware waɗanda kake so.

Babbar Sallah da rago

A nan gwajin ya fi tsanani, domin nuna dabba yana da daɗi. Kada a rubuta kuɗin rago, kada a ƙirga dabbobin da aka yanka. Layya ibada ce, kuma lissafa ta a bainar jama'a yana buɗe ƙofar riya. In ragon ya fito a hoton, ya fito, rubutun ya tafi wajen karɓa: "Barka da Sallah. Allah ya karɓi layyarmu da taku, ya hore wa waɗanda ba su samu ba." In wani daga gidan yana aikin Hajji: "Kujerar Umma babu kowa bana, tana Mina. Allah ya sa karɓaɓɓiya ce, ya dawo da alhazanmu lafiya." Hoton yanka da jini kuma ba hoton iyali ba ne, a jira a wanke wuri a sake kaya.

Karanta shi sau biyu kafin ka tura

Haruffa masu lanƙwasa suna canza magana, kuma a addu'a abin ya fi muni. "Allah ya jiƙan Baba" addu'a ce, "jikan Baba" kuwa ɗan ɗansa ne. "Ni da 'ya'yana" uba ne da zuriyarsa, "ni da yayana" ƙane ne da wansa. Gboard yana da madannan Hausa: a ƙara harshen a saitinsa, ƙ da ɗ da ɓ za su samu. A rubuta "Allah" cikakke da babban baƙi, a rubuta "amin" da "in sha Allah" a warware, ba a taƙaice da haruffa biyu ko uku ba. Imoji ɗaya ko biyu sun isa, jinjirin wata ko masallaci. Alamar `#BarkaDaSallah` tana da amfani ne kawai in kana son baƙi su ga hoton, kuma hoton iyali ba kasafai ake son haka ba.

Sai ka sake duba hoton kansa: lambar mota, lambar gida, allon makarantar yara. Kada rubutun ya ce "mun taho gida Sallah gaba ɗaya, sai bayan mako", domin sanarwa ce cewa gidanku na birni babu kowa.

Lokacin ɗorawa ma yana da tsari. A Najeriya ana jiran sanarwar ganin wata daga Sarkin Musulmi, kuma yakan faru Nijar ko Ghana ko wata ƙasar da dangi suke su yi tasu Sallar a rana daban. In haka ta kasance, ƙara "ga masu Sallah yau da masu yi gobe" yana hana gardamar wata ta ɓarke a ƙasan hotonku. Kuma kafin hoton ya fita, a fara gaida manya da baki ko da ƙafa. Kawun da ya ga gaisuwarka ga duniya a sitatus tun ƙarfe goma, kai kuwa ba ka kira shi ba har la'asar, ba zai ɗauki rubutun a matsayin gaisuwarsa ba.

Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24. In hoton na ajiya ne, wanda za a wanke a rataye ko a bar wa jikoki, rubutunsa daban ne: a bayan hoton ko a ajiyar gida a rubuta kwanan wata na Musulunci da na boko, misali 1 Shawwal 1446, 30 Maris 2025, da garin, da cikakken sunan kowa daga dama zuwa hagu, har da jaririyar da ke cinya.